Takardar Neman Izinin Tafiya Gida Domin Rabon Gado

Jidda, Saudiyya
Lahadi, 12 ga Oktoba, 2025

Zuwa ga Alhaji Bashir,
Sashen Kula da Ma'aikata

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman izinin hutun kwana 21, daga Lahadi 2 ga Nuwamba zuwa Asabar 22 ga Nuwamba, 2025, domin in je ƙauyenmu da ke ƙaramar hukumar Auyo a Jihar Jigawa. Zan dawo bakin aiki ranar Lahadi 23 ga wata, in Allah ya yarda.

Kamar yadda ofishinka ya sani, Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa ranar 20 ga Agusta. Kwana biyar na rasuwa da sashe na 113 na dokar ƙwadago ya tanada a nan Jidda na yi su, ban samu zuwa gida ba. Yanzu kotun Musulunci ta sa Talata 11 ga Nuwamba domin zaman rabon gado, kuma kafin nan, ranar Laraba 5 ga wata, za a fita da mai unguwa da dattawa a zaga gonaki a tabbatar da iyakoki. Gonakin tudu biyu ne, an cire gero, dawa ce ta rage, sai fadama ɗaya ta noman rani.

Na so in naɗa wakili, amma abin ba zai yiwu ba. Fadamar tana hannun wani a jingina, ni na biya rabin kuɗin fansarta, kuma takardar da shaidu suka sa wa hannu da sunana take. Ba a raba gado sai an fitar da bashi, don haka alƙali zai so ya ji daga bakina. Mahaifiyarmu tana takaba, wata huɗu da kwana goma, ba za ta fita ba sai ƙarshen Disamba, ƙannena kuwa biyu daga cikinsu ba su balaga ba. In aka ɗage zaman, lokacin shukar alkama zai wuce fadamar tana zaune, alhali da ita gidan yake ci.

Ga lissafin kwanakin. Shekarata uku a kamfani, hutuna na shekara kwana 21 ne bisa sashe na 109. Na ci biyar a watan Afrilu, saura 16. Ragowar biyar ɗin ina roƙon a ba ni su a matsayin hutu ba albashi, wanda sashe na 116 ya halatta in kamfani ya amince, a cire su daga albashin Nuwamba.

Abin da ya fi buƙatar hanzari shi ne bizar fita da dawowa. Ina roƙon a fitar mini da ita ta shafin Muqeem kafin Alhamis 23 ga Oktoba, don ba zan yanki tikiti ba sai na gan ta a manhajar Absher. A yi ta kwana 60, kada a tsaya daidai kan 21. Ta shiga ɗaya riyal 200 ce har zuwa wata biyu, ba ƙarin ko sisi, kuma in jirgi ya soke tashi ko kotu ta ƙara zama, ba za ta mutu ina Kano ba. Iƙamata, wato katin izinin zamana, tana aiki har 15 ga Maris 2026, fasfona har 2028. Na duba, ba tarar mota a kaina, tunda ita ce takan hana biza fita.

Zan tashi daren Juma'a 31 ga Oktoba zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano, in dawo Juma'a 21 ga Nuwamba, in bar kwana ɗaya a hannu. Tikitin daga aljihuna ne.

Batun sito, mun zauna da Malam Haruna, ya yarda ya riƙe, shugaban sashenmu ma ya sa hannu. Ƙidayar ƙarshen wata za mu yi ta tare ranar Alhamis 30 ga Oktoba, a nan zan miƙa masa makullai huɗu da littafin shige da ficen kaya. Akwai odar filtar mai 120 da bel 40 da ake sa ran isowarta a makon farko na Nuwamba. A gwada lambar kowane kwali da takardar oda kafin a sa hannun karɓa, domin bel ɗin kala biyu ne masu kama da juna, bambancinsu a tsawo yake, in an karɓi wanda ba shi ba mayarwa takan ci makonni.

Sabis yana wahala a ƙauyen. Wanda ya neme ni ya bar saƙo ta WhatsApp a lambata da ke fayil, zan riƙa dubawa kullum bayan sallar isha'i.

Na haɗa da kwafin sammacin kotu, da takardar shaidar rasuwa, da hoton iƙama da fasfo. In ana buƙatar fassarar sammacin zuwa Larabci, a sanar da ni cikin makon nan in kai a yi.

Na gode. Allah ya ƙara girma.

Naka,
Sani Garba
Mai kula da sito, lambar aiki 2147