Wasiƙar neman bayani da rasit kan ƙarin kuɗin haya

Hotoro, Kano
12 ga Maris, 2025

Zuwa ga Alhaji Garba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali, ranka ya daɗe, na rubuto ne kan takardar da dillalinka ya kawo mini ranar Litinin. Ta ce daga 1 ga Yuni kuɗin hayar sashen da nake ciki, ɗaki biyu da falo, zai tashi daga naira 350,000 zuwa 500,000 a shekara. Takardar ba ta ɗauke da sa hannunka, ba ta kuma faɗi dalili ba.

Na san komai ya yi tsada, kuma gida naka ne. Amma ƙarin naira 150,000 a lokaci guda ya yi wa mai albashi da yara huɗu a makaranta nauyi. Ina roƙon ka rubuto mini dalilinsa, ka sa hannu. In gyara za a yi, a faɗi wane iri, domin rufin falo yana yoyo tun daminar bara, kuma ni na biya kuɗin yashe masai daga aljihuna.

Sai maganar rasit. Kuɗin bana na tura su asusun dillalin a watan Yunin 2024, shaidar banki tana hannuna, amma har yau ba a ba ni rasit ba. Don Allah a ba ni mai ɗauke da adadin kuɗin da watannin da na biya wa.

Zan so amsa kafin ƙarshen wannan wata, don in san shirin da zan yi. In ka fi son mu zauna, zan zo duk ranar da ka sa.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Ɗan hayarka,
Ibrahim Sale