Abin da doka ta ɗora miki kafin ma'aikatanki uku su kama aiki

Hajiya, ga jerin da na yi miki alkawari game da injinki na matsar man gyaɗa na Sabon Gari, nan Damagaram. Samari biyu za su riƙe inji, yarinya ɗaya ta zauna kanti. Duk abin da aka gama, ki sa masa alama. Tushen yawancinsu shi ne dokar aiki ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012.

☐ 1. Takardun sana'a. Lambar rajistar kasuwanci, RCCM, da ta haraji, NIF, suna hannunki tun bara. Ki buga hotonsu, kowane biro za a tambaye su.

☐ 2. ANPE. Ki sanar da hukumar samar da aiki cewa za ki ɗauki mutum uku, ki kai musu kwantaragin bayan an sa hannu.

☐ 3. Kwantaragi a rubuce, kowa da nasa. A sa suna, irin aikin, albashi, lokacin shiga da tashi, da ranar farawa. In kina son lokacin gwaji, sai an rubuta shi, gwaji na baki ba ya tsayawa gaban mai binciken aiki. Kwantaragi mai wa'adi bai wuce shekara 2. Nan ne nake jin tsoro, Hajiya, don ɗaya daga samarin ɗan ƙanenki ne, kin kuma ce tsakaninku babu takarda. Tunda yana aiki ƙarƙashin umarninki kina biyansa wata-wata, ma'aikaci ne a idon doka. Ranar da saɓani ya shiga, takardar nan ce za ta hana maganar kuɗi ɓata zumunci. Ki rubuta masa kamar yadda za ki rubuta wa bare.

☐ 4. Shekaru. Ki nemi takardar haihuwar kowa. Ba a ɗaukar yaron da bai kai 14 ba, wanda bai cika 18 ba kuwa kada ya kusanci inji.

☐ 5. Albashi. Daga Janairu 2024 mafi ƙarancin albashi jika 42 ne a wata. Jika 50 da kika yanka ya haye shi. Kowane wata a ba kowa takardar biya mai nuna abin da aka cire, ki ajiye kwafi.

☐ 6. CNSS, asusun fansho da kula da ma'aikata. Ki yi wa kanki rajista a matsayin mai ɗaukar ma'aikata, sannan kowannensu ya sami tasa lamba. Ana cire kashi 5.25 cikin 100 daga albashin ma'aikaci, ke ki ƙara kashi 16.40 daga aljihunki. A kan jika 50, nasa sefa 2,625 ne, naki 8,200. Su uku naki ya kama 24,600 a wata. Mai ma'aikata kaɗan irinki yana zubawa bayan kowane wata uku, don haka ki ware kuɗin a ƙarshen kowane wata, kada kakar gyaɗa ta zo ki sa su cikin saye. Abin da aka cire daga albashi amana ne a hannunki. Na san kuɗin da nauyi ga sabuwar sana'a, amma daga nan fansho da kuɗin iyali da maganin wanda ya ji rauni suke fitowa.

☐ 7. Lanhon albashi, ITS. Ke za ki cire shi, ke za ki kai ofishin haraji. Lissafin, ni zan yi miki.

☐ 8. Lokacin aiki da hutu. Awa 40 a mako, abin da ya ɗoru a kai ana biyansa da ƙari. Hutun mako aƙalla awa 24 a jere. Hutun shekara kwana biyu da rabi ne ga kowane watan aiki, da albashinsa. In yarinyar kanti ta yi aure ta sami juna biyu, tana da mako 14 na haihuwa, ba a kuma sallamarta saboda ciki.

☐ 9. Lafiya a wurin aiki. A rufe bel ɗin inji, a sayi safar hannu, akwatin magani da abin kashe gobara, ruwan sha kuma kada ya yanke, balle a zafin Afrilu. In hatsari ya auku, a sanar da CNSS da mai binciken aiki cikin awa 48.

☐ 10. Littafin ma'aikata. A rubuta shigar kowa, albashinsa, hutunsa da fitarsa. Ya zauna a kanti, don mai bincike yana iya zuwa ba sanarwa.

☐ 11. Rabuwa. Ba a korar mutum da baki cikin fushi. Sai da dalili, a rubuce, da wa'adin sanarwa, a biya shi haƙƙinsa har da hutun da bai ci ba, a ba shi takardar shaidar aiki. Kafin ki sallami kowa, ki kira ni.

Na 2, na 3 da na 6 su nake so a fara da su. Litinin da hantsi zan zo da kwantaragin uku, ki sa su zo da takardun haihuwa da hotuna.