Neman ƙarin kwanakin hutu

Alhamis, 16 ga Oktoba, 2025

Zuwa ga Shugaban Sashen Kuɗi

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman a ƙara mini kwana biyar na aiki a kan hutun da aka amince mini, wanda ya fara ranar 6 ga Oktoba, zai kuma ƙare gobe Juma'a, 17 ga wata. Ranar Litinin 20 ga wata ya kamata in koma bakin aiki, amma hakan ba zai yiwu ba. Ina roƙon a mayar da ita Litinin 27 ga wata.

An yi wa mahaifiyata tiyata ranar 9 ga wata, da sa ran za a sallame ta cikin mako guda. Jiya likita ya duba ɗinkin, ya ce bai kame ba, sai ta ƙara kwanaki a gadon asibiti. Ni kaɗai ce ke jinyarta, kuma yayata da za ta karɓe ni ba za ta iso ba sai Asabar 25 ga wata. Na riga na sauya tikitina zuwa Lahadi 26. Na haɗo kwafinsa da takardar likita.

Kwana uku ne suka rage mini a hutun bana. Ina roƙon a cire 20, 21 da 22 ga wata daga ciki. Sauran biyun, idan ƙa'ida ta ba da damar hutun jinya, a sa su a ciki. In ba haka ba, na yarda a ɗauke su a matsayin hutu ba albashi.

Game da aiki, na yi magana da Malam Sani da safiyar nan, ya amince ya ci gaba da riƙe teburina. Sai dai izinin da aka ba shi na sa hannu a takardun biyan kuɗi a madadina zai ƙare gobe tare da hutun. Idan ba a sabunta shi ba, duk takardar da ta shigo daga Litinin za ta tsaya cak, kuma akwai na masu kawo kaya guda uku da wa'adinsu zai cika ranar Laraba. Wannan ne ya fi gaggawa. Rahoton rubu'i na uku da ake jira ranar 24 kuwa, na kammala alƙaluman kafin in tafi, sharhi kawai ya rage, zan turo shi ranar Talata.

Idan ka amince, don Allah a sanar da sashen ma'aikata a rubuce, kada a rubuta mini fashin aiki a taɓa albashi. Fom ɗin ƙarin hutu zan cika shi yau in turo. Wayata a kunne take, sai dai tsakanin ƙarfe takwas da goma na safe, lokacin zagayen likitoci, ba na iya ɗauka.

Na gode ƙwarai. Allah ya ƙara girma.

Taka mai biyayya,
Zainab
Jami'ar lissafi