Takardar Aiki ta Ƙididdiga: Matsakaici, Tsakiya da Mafi Yawan Fitowa

Darasin Lissafi, aji biyu na ƙaramar sakandare, zango na biyu

Kowane ɗalibi ya karanta bayanin nan da natsuwa kafin ya taɓa tambayoyin da ke ƙasa. A yi aikin a littafin lissafi, a kuma miƙa wa shugaban aji kafin a shiga darasin farko ranar Litinin. A takardar jarrabawa za ku tarar da waɗannan ma'aunai uku da sunayensu na Turanci, wato min, midiyan da mod, saboda haka ku riƙe sunayen tare da ma'anarsu.

Bayani da misali

Idan aka ba mu jerin lambobi, sau da yawa muna bukatar lamba ɗaya da za ta wakilci jerin gaba ɗaya. Akwai hanyoyi uku na fitar da wannan lamba, kuma ba dole ba ne amsoshinsu su zo daidai da juna, domin kowace hanya tambayarta daban. Za mu gwada su a kan yawan ƙananan hukumomin jihohi bakwai na Arewa maso Yammacin Nijeriya: Jigawa 27, Kaduna 23, Kano 44, Katsina 34, Kebbi 21, Sakkwato 23, Zamfara 14.

Matsakaici, wato min, shi ne abin da kowa zai samu in da za a tara komai wuri guda a yi rabon daidai. Ana haɗa lambobin duka, sannan a raba jimillar da adadinsu. A nan 27 + 23 + 44 + 34 + 21 + 23 + 14 = 186, kuma tun da jihohin bakwai ne, 186 ÷ 7 ya ba mu 26.6 idan muka tsaya a gurbi ɗaya bayan ɗigo. Kada wani ya damu da cewa babu jiha mai ƙananan hukumomi 26.6, domin matsakaici sakamakon rabo ne, ba lallai ya kasance ɗaya daga cikin lambobin jerin ba.

Tsakiya, wato midiyan, ita ce lambar da ke zaune a tsakiyar layi bayan an jera lambobin daga ƙarama zuwa babba. Wannan jerawa ita ce inda ɗalibai suka fi asarar maki, don haka na ja kunnenku a kanta. Duk wanda ya yi gaggawa ya ɗauki ta huɗu a jerin kamar yadda aka rubuta shi a sama zai ce 34, wato ta Katsina, alhali ba abin da ya ajiye Katsina a wurin sai tsarin haruffa. Jerin da aka gyara shi ne 14, 21, 23, 23, 27, 34, 44. Lambobi uku suna hagu, uku suna dama, ta huɗu kuwa ita ce 23, kuma ita ce tsakiya.

Mafi yawan fitowa, wato mod, ba ya bukatar tarawa ko rabawa. Lamba 23 ta fito sau biyu, a Kaduna da Sakkwato, sauran kuma sau ɗai-ɗai, don haka amsar ita ce 23.

Yanzu ku lura da tazarar da ke tsakanin 26.6 da 23. Jihohi huɗu cikin bakwai ba su kai matsakaicin ba, kuma dalili shi ne Kano, wadda ta fi kowace jiha a ƙasar yawan ƙananan hukumomi, ta ja shi sama. Idan muka cire ta, jimilla za ta koma 142, a raba da shida a samu 23.7, amma tsakiya tana nan a 23 ba ta motsa ba. Abin da nake so ku fahimta shi ne, matsakaici yana jin nauyin kowace lamba, saboda haka lamba ɗaya da ta yi wa sauran fintinkau tana iya karkatar da shi, ita kuwa tsakiya matsayi kawai take dubawa, ba ruwanta da ko lambar ƙarshe 44 ce ko 400.

Saura yanayi biyu da misali na farko bai nuna ba, kuma jihohi shida na Arewa maso Gabas sun ishe mu ganinsu. A jere suna haka: Gombe 11, Taraba 16, Yobe 17, Bauci 20, Adamawa 21, Borno 27. Da yake adadin shida ne, lambobi biyu ne a tsakiya, 17 da 20, sai a haɗa su a raba biyu, a samu 18.5. Jimillarsu 112 ce, matsakaici kuma 18.7. Babu lambar da ta maimaitu, saboda haka amsar da ta dace ita ce jerin ba shi da mafi yawan fitowa. Rubuta sifili a nan kuskure ne, domin sifili ma lamba ce, kuma ba ta cikin jerin.

Tambayoyi

A kowace tambaya a nuna yadda aka bi aka kai ga amsa, domin rabin makin yana kan hanyar aiki. Inda rabo bai ƙare ba, a tsaya a gurbi ɗaya bayan ɗigo.

1. Wata mata mai kiwon kaji a gida ta ƙirga ƙwan da take kwasa kullum har kwana bakwai, ta samu 6, 8, 5, 8, 6, 9, 7. Ku nemo matsakaici da tsakiya, sannan ku duba da kyau ku faɗi ko lamba ɗaya ce ta fi yawan fitowa ko fiye da ɗaya. (Maki 4)

2. Ku rubuta adadin kwanakin kowane wata daga Janairu zuwa Disamba na shekarar 2023, wadda Fabrairunta ke da kwana 28, sannan ku fitar da ma'aunan nan uku. Ku bayyana abin da zai canza da abin da ba zai canza ba idan aka yi amfani da shekarar 2024, wadda ke da kwana 366. (Maki 5)

3. Wani mai shagon takalma ya sayar da takalman maza guda goma a ranar kasuwa, masu lamba 40, 42, 41, 42, 43, 42, 39, 44, 42, 41. Ku lissafa ma'aunan uku, ku kuma faɗi wanne ne zai fi amfanar sa idan zai je sarin sabon kaya, tare da hujjarku. (Maki 5)

4. Matsakaicin lambobi biyar shi ne 8, kuma huɗu daga cikinsu su ne 5, 7, 9 da 12. Ku gano ta biyar ta hanyar fara neman jimillar duka biyar ɗin, sannan ku faɗi tsakiya da mafi yawan fitowa. (Maki 4)

5. A wani wurin gini an biya mutum biyar kuɗin aikin yini kamar haka: naira 3,000, naira 3,000, naira 3,500, naira 4,000, sai babban magini da ya karɓi naira 16,500. Mai ginin ya ce a matsakaici yana biyan kowane mutum naira 6,000 a yini. Ku tabbatar ko lissafinsa daidai ne, ku ƙirga mutum nawa ne cikin biyar ɗin suka samu abin da ya kai wannan adadi, sannan ku rubuta cikin jimla biyu ko uku ma'aunin da kuke ganin ya fi nuna abin da lebura yake komawa gida da shi. (Maki 7)

Jimillar maki 25 ne. Ba a yarda da amfani da na'urar lissafi ba sai a tambaya ta biyu, inda ake raba 365 da 366 da 12.