Jawabin jami'ar lafiya ga 'yan kasuwar Wudil kan kafso da ya daina ci

Assalamu alaikum. Sarkin Kasuwa, Allah ya ja zamaninka. Iyayena maza da mata, 'yan tebur, masu hatsi, mutanen kara, barkanku da kasuwa. Na san ciniki na ci, ku ara mini kunnuwanku na ɗan lokaci, hannuwanku su ci gaba da awo.

Maganar kafso na zo yi muku. Ja da yalo ɗin nan, wato tetirasaikilin, da amfikulos, da amoksil, da seftirin, da filajin, da sifro. A asibiti sunansu ɗaya, antibayotik. Aikinsu kashe wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, ana ce musu bakteriya. Su ne ke kawo taifot, da ciwon sanyi, da limoniya, da tarin fuka, da ruwan da miki ke yi.

Da yawanku kun ce da bakinku: "Maganin nan da yana yi mini, yanzu jikina ya saba da shi." Jikinka bai saba da komai ba, Alhaji. Ƙwayar cutar ce ta saba. Manoma za su fi kowa gane ni. Ka tsinka maganin feshi da ruwa ya yi yawa, ka fesa, ciyawa mai rauni ta mutu, mai taurin kai ta tsira, ta yi 'ya'ya. Baɗi gonar duk irin mai taurin kan ce. Haka abin yake a cikin mutum. Idan ka sha kafso biyu ka ajiye, ka kashe raunana, ka bar wa jarumai fili. Wasu bakteriyar kuwa cikin minti 20 ɗaya take zama biyu. Kafin gari ya waye sun cika gida. Abin da ya fi muni, ba a jikinka kaɗai za su tsaya ba. Ta hannu, ta ruwan sha, ta bayan gida, ta tari, za su kai ga matarka da jaririn da bai taɓa shan magani ba a rayuwarsa. Ranar da ya kwanta, a ba shi maganin, ya ƙi ci.

Wanda ya gano fenisilin a 1928, Alexander Fleming, tun 1945 ya yi gargaɗi cewa shan ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin cuta bijirewa. Ga shi mun gani. A 2019 kaɗai, mutum wajen miliyan 1.27 ne suka rasu a duniya saboda cutar da ta bijire wa magani, kuma idan aka auna da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi kowa asara.

Yanzu hunturu ne, kowa na mura. Mura, da yawancin ciwon maƙogwaro da tarin kwana biyu zuwa uku, wata halitta ce daban ke kawo su, bairos. Kafso ba ya taɓa shi ko kaɗan. Ruwan ɗumi, hutu, farasitamol in akwai ciwon kai, cikin mako guda zuwa kwana 10 ta wuce. Zazzaɓin cizon sauro ma ba aikin amoksil ba ne. A ɗiga jini a ɗan yatsa, minti 15 zuwa 20 an san ko shi ne. Kuma ba kowane zazzaɓi da ciwon ciki ne taifot ba. Ana yawan ɗora wa mutane sifro a kan taifot ɗin da ba su da shi.

Iyaye mata, ku matso, wannan taku ce. Yaro ya fara gudawa, sai a ɓare ja da yalo a zuba a koko, ko a ba shi filajin. Ku daina, don Allah. Yawancin gudawar yara, rashin ruwa a jiki ne ke kisa a cikinta. Abin da yaron ke buƙata shi ne ruwan gishiri da sukari na leda: leda ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiya wata biyu, abin da ya wuce awa 24 a zubar a haɗa sabo. Sai zinki, ƙwaya ɗaya mai miligiram 20 kullum har kwana 10, ɗan ƙasa da wata shida rabin ƙwaya. Kada a daina ba shi nono. Tetirasaikilin kuwa yana ɓata haƙoran yaro ɗan ƙasa da shekara takwas, kuma mai ciki ba ta shan shi. Amma in kin ga jini a kashi, ko yaro ya ƙi kama nono, ko yana numfashi sama-sama awazu na lotsawa, ko ya yi jijjiga, ki bar komai ki kawo shi asibiti a ranar. A nan antibayotik na iya ceton rai, shi ya sa ba ma so a ƙarar da ƙarfinsa a kan mura.

To, idan ma'aikacin lafiya ya duba ka ya rubuta, ga yadda ake sha. "Sau uku a rana" na nufin kowace awa takwas: shida na safe, biyu na rana, goma na dare. Ka ɗaura shi da Asuba, da Azahar, da lokacin kwanciya, ba za ka manta ba. In ka jera su ukun da rana ka bar dare, maganin ya ragu a jini, ƙwayoyin sun farfaɗo. An ce kwana biyar, ka cika biyar, ko da ka ji garau a rana ta biyu. Kada ka rage wa maƙwabci, kada ka ɓoye saura a kan lintel don wata rana. Ja da yalo da sifro ba a kora su da fura da nono ko madara, nono yana riƙe maganin a hanji ya hana shi shiga jini. A ba da tazarar awa biyu aƙalla. Na yara mai gari, a zuba tafasasshen ruwan da ya huce daidai layin kwalba, a girgiza kafin kowane sha, a auna da murfin awonsa, cokalin gida ba ma'auni ba ne. Bayan mako guda a zubar da ragowar. In ƙuraje suka feso, ko fuska ta kumbura, a tsaya a dawo asibiti nan take.

Na san abin da wasu ke faɗa a zuci: kuɗin ne ba su kai ba. Gaskiya ne, kuma ba na raina wannan. Amma ka gaya wa mai rubuta maka, ya zaɓa maka wanda aljihunka zai iya saye cikakke. Rabin magani yau, gobe sai allurai a gadon asibiti, kuɗin ya ninka sau da yawa. Masu kemis, ƙannena, amana ce a hannunku. In an ce "ba ni na ɗari biyu", kada ku yanka kati. Ku kuma masu saye, ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ku guji maganin da ya wuni a tire rana na dukansa. Tarin da ya wuce mako biyu a kai majina gwaji. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitin gwamnati, wata shida ake sha ba tsallake.

Mutanen kara da masu kaji, ban manta da ku ba. Maganin da ake zuba wa kaji a ruwa don su yi saurin girma, da allurar da ake yi wa saniya yau a tatsi nononta gobe, dangin namu ne, kuma yana biyo nama da ƙwai da nono ya shigo tukunyarmu. A jikin kowace kwalba an rubuta kwanakin da za a jira kafin a yanka ko a tatsa. Ku sa malamin dabbobi ya karanta muku.

Muna ƙarƙashin rumfar da ke kusa da ofishin Sarkin Kasuwa har La'asar. Wanda ke da magani a aljihu ko a gefen zane ya kawo mu duba shi tare, mai zazzaɓi ya zo a gwada. Allah ya ba da kasuwa, ya ƙara mana lafiya. Inna mai daddawa, na ga hannunki, mece ce tambayarki?