Wasiƙa zuwa ga mai gida kan rabon kuɗin wutar watan Maris

Unguwar Hotoro, Kano
6 ga Afrilu, 2025

Assalamu alaikum Alhaji,

Bayan gaisuwa da fatan an yi Sallah lafiya, ya iyali? Allah ya ƙara girma.

Yaronka ya kawo mana takardar wutar watan Maris, naira 90,000, ya ce ka ce a raba huɗu, kowa ya kawo 22,500. Alhaji, wannan rabo bai yi mini daidai ba, kuma ga hujjata.

Tun da aka saka wa kowane sashe ƙaramar mita bara, duk farkon wata da ƙarshensa muna ɗaukar hoton mitocin mu tura zauren WhatsApp na gidan. Na yi sikirinshot na waɗanda aka tura ranar 1 da ranar 31 ga Maris, na buga su na haɗa da wannan takarda, kowanne da kwanan wata a jikinsa.

Babbar mita ta tashi daga 14,210 zuwa 14,610, wato gidan gaba ɗaya ya sha yunit 400. In aka raba 90,000 a kansu, kowane yunit ya kama naira 225. Tawa mitar daga 2,318 ta koma 2,370, yunit 52 ke nan, kuɗinsu 11,700. Sashen tsakiya 58, ɗakin soro 40. Shagon bakin ƙofa shi kaɗai 210.

Ba ƙarar mai shagon nake kawowa ba, mutumin kirki ne, sana'arsa yake yi. Amma firiza uku ya kwana yana kunnawa duk azumin nan, kafin la'asar layin masu sayen ƙanƙara ya kai bakin kwata. Ni kuwa fanka biyu ne da ƙwan fitila da talabijin. Ko guga uwargida da dutsen gawayi take yi don gudun irin wannan. Yaya za a ce mu biya kuɗi ɗaya?

Saura yunit 40 da ba su hau mitar kowa ba, na injin jan ruwa ne da fitilar ƙofar gida. Wannan kam kowa ya amfana, a raba mana 9,000 ɗin daidai, 2,250 kowanne. Nawa ya zama 13,950, kuma na riga na tura su asusunka jiya, shaidar tana cikin takardun. Ragowar 8,550 da ake nema a wurina ba wutar da na sha ba ce.

Ina roƙon ka zo da kanka ko ka turo wakili ranar Asabar bayan la'asar, a tara mu huɗun, a karanta mitocin a gaban kowa. Idan akwai wanda yake ganin mitarsa tana zarcewa, a kira mai gyaran wuta ya gwada duka, har da tawa. A yi kafin wa'adin biya ya cika, kada a zo a yanke mana wuta a wannan zafin.

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Ɗan hayarka na sashen baya