Amsata Game da Shawarar Komawa Asibitin Dutse

Ɗakin Jinyar Yara Masu Tamowa,
Sashen Yara,
Litinin, 14 ga Yuli, 2025.

Zuwa ga Shugabar Ma'aikatan Jinya,
Hajiya Matiron.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranki ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kina lafiya, ke da Alhaji da yara, na rubuto ne a kan maganar da muka yi a ofishinki ranar Alhamis bayan na sauka daga aikin safe. Kin ce Hukumar Kula da Asibitoci ta nemi sunan nas ɗaya mai gogewa a jinyar yara da za a mayar asibitin Dutse ta riƙe ɗaki, kuma ni ce na zo miki a rai. Kin ba ni zuwa yau in yi shawara. Na yi istihara, na zauna da maigidana, na je na ga mahaifiyata. Amsata ita ce, ina roƙon ki da ki yi haƙuri kada ki tura sunana. Ba zan iya karɓar wannan canjin wurin aiki a yanzu ba.

Na zaɓi in rubuta ne don na san kaina. In na zauna a gabanki nauyinki zai hana ni magana, in ce "to" da baki alhali zuciyata ba ta amince ba. Ke kika karɓe ni a asibitin nan shekara 11 da suka wuce ina sabuwar fitowa daga makarantar koyon aikin jinya, hannuna na rawa in zan nemi jijiyar jariri. Ke kika sa sunana a horon kula da masu tamowa lokacin da akwai waɗanda suka girme ni a aiki. Na san wannan shawarar ma alheri kika nufe ni da ita: riƙon ɗaki, zama kusa da hedikwata, da makarantu masu kyau ga yara. Na gode, Allah Ya saka da mafificin alheri.

Dalilina na farko ɗakin nan ne, da kuma lokacin da maganar ta zo. Yau muna tsakiyar Yuli. Kin fi ni sanin yadda watanni uku masu zuwa suke a wurinmu: rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, ruwa ya kwanta ko'ina, sauro ya tashi. Gadajenmu 18 ne, amma a Agustan bara sai da muka riƙa kwantar da yara bibbiyu a gado ɗaya, wasu iyayen a tabarma a baranda. Daga Sule Tankarkar suke zuwa, daga Maigatari, wasu ma daga ƙetaren iyaka ta Nijar, su biyo motar kasuwa da yaro a goye wanda ya kwana uku yana gudawa. Ko da ma'aikatan da ke bi gida-gida suna raba maganin rigakafin maleriya na damina ga 'yan ƙasa da shekara 5, waɗanda ke iso mana sun riga sun jigata, tamowa da zazzaɓi da ƙarancin jini duk a jiki guda.

A cikin mu shida da ke juya aiki a ɗakin, mu biyu ne muka yi cikakken horon, ni da Sista Larai, ita kuma za ta fara hutun haihuwa a ƙarshen watan nan. Sauran huɗun yara ne masu ƙwazo, ban raina ko ɗayansu ba. Sai dai jinyar mai tamowa ta saɓa wa kusan duk abin da hannun nas ya saba da shi. Nas ta ga yaro ya bushe, ido ya faɗa, abin da zai fara zo mata shi ne ta ɗaura ƙarin ruwa, alhali zuciyar wannan yaron ta raunana, ruwan jijiya na iya fin ƙarfinta ya tafi da shi. Ta ga ƙarancin jini ta miƙa maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, alhali ba a ba da shi a kwanakin farko. Uwa ta roƙa a ƙara wa ɗanta madara don ta ga yana karɓa, nas mai tausayi ta ƙara, alhali madarar F-75 aunawa ake yi da nauyin yaro, a ba shi kaɗan-kaɗan duk bayan awa biyu ko uku, dare da rana, sai kumburi ya fara saɓewa kuma ya nuna yana son ci kafin a matsa zuwa F-100 ko abincin gyaɗar nan na leda. Ko ruwan gishiri da sukari da muke ba kowane mai gudawa, nasu daban ne.

Duk wannan yana rubuce a takardar da ke manne a bango. Amma takarda ba ta tashin nas ƙarfe uku na dare ta zaga ta taɓa ƙafar kowane yaro ta ji ko ta yi sanyi. A watan jiya an kawo mana wata yarinya 'yar wata 14, damtsenta bai kai santimita 11 ba a ma'auni, ƙafafu a kumbure. Daren ta na biyu na same ta shiru, uwar tana cewa ai barci ne ya ɗauke ta, a ƙyale ta ta huta. Sukarin jininta ne ya faɗi. Muka ba ta ruwan sukari ta robar hanci, muka sa uwar ta rungume ta fata da fata muka lulluɓe su da bargo. Allah Ya nufa da sauran kwananta, ranar Asabar aka sallame ta tana wasa da ɗankunnen uwarta. Ban faɗi wannan don yabon kai ba, domin ni ma wata ce ta tsaya a kaina har idona ya saba. Ina so ne in tsaya a kan yaran nan huɗu su ga damina ɗaya cikakkiya tare da ni, kamar yadda aka yi mini.

Akwai kuma iyayen. Da yawansu ba sa kawo yaro sai an gama na gida, an sha jiƙo, an yi tofi, wani an cire masa beli. Sun zo ɗin ma, kwana uku kakar yaro za ta aiko a dawo da shi saboda aikin gona ya tsaya. Shekara da shekaru na yi kafin matan ƙauyukan nan su yarda da maganata in na ce a ƙara kwana huɗu. Da Fulatancin da na tsinta a wurin kakata nake lallashin matan rugage. Wadda za ta gaje ni za ta sami wannan yardar in sha Allahu, amma ba a cikin mako uku ba.

Dalili na biyu na gida ne, kuma ba zan ɓoye shi a bayan na farko ba, don ko da a ce ɗakin cike yake da ƙwararru, da sai na kawo miki shi. Kin san Inna ta samu shanyewar ɓarin jiki bara da azumi, har kin zo gida kin duba ta. Tun daga lokacin ba ta tashi da kanta. Yayana yana Fatakwal wurin aikinsa, ƙanwata tana aure a Kano da goyo, ni ce a kusa. Ni ke auna mata hawan jini safe da yamma, ni ke juya ta in duba bayanta saboda gyambon kwanciya, ni ke yi mata wanka, don ba ta yarda kowa ya ga jikinta sai ni. Yarinyar da ke zama da ita da rana tana iya ba ta abinci da magani, iyakarta ke nan. Na yi wa Inna zancen Dutse a hankali ranar Juma'a. Ba ta ce kada in tafi ba, ta dai ce, "In aikinki ne ki je, amma ni a ɗakina nake so Allah Ya karɓi abinSa." Hajiya, ban iya ce mata komai ba.

Na lissafa zuwa da dawowa kullum, bai yiwu ba. Tafiyar ta fi awa biyu a motar haya in hanya ta yi kyau, ga kuɗin mota yadda ya koma tun da aka cire tallafin mai a 2023. Mai riƙe da ɗaki kuwa ita ce ta farkon zuwa, ita ake kira da tsakar dare. In na karɓa, ko dai in tauye haƙƙin marasa lafiyar can, ko in tauye na mahaifiyata. Maigidana ma malamin makaranta ne a nan, ba shi da halin tashi a tsakiyar zangon karatu.

Na san ƙa'idar aikin gwamnati, na kuma san na sa hannu cewa zan yi aiki duk inda aka tura ni a faɗin jihar nan. In da takarda ce ta fito daga Hukuma da sunana, da sai in bi hanyar da doka ta tanada in kai kokena. Tunda abin bai wuce teburinki ba, kuma ke da bakinki kika ce shawara ce, shi ya sa na yi saurin sanar da ke don ki samu lokacin neman wata kafin wa'adin da suka ba ki ya cika. Don Allah kada a ɗauke shi a matsayin ƙin bin umarni. Idan kuma hakan zai jawo mini jinkirin ƙarin girma, na sani, kuma na yarda.

Ba na so in bar ki da hannu biyu babu komai. In kin amince, daga mako mai zuwa zan riƙa zama da nas-nas ɗin ɗakinmu duk Talata da Alhamis bayan miƙa aiki, minti 40, mu bi matakai goma na jinyar mai tamowa ɗaya bayan ɗaya a bakin gado, kowa ta haɗa madara da hannunta, ta sa robar hanci, ta cike takardar lura ina kallo. Ina roƙon a daidaita jadawalin aiki yadda kowaccensu za ta yi dare tare da ni aƙalla sau huɗu kafin ƙarshen Satumba. In kuma mutanen Dutse horo suke buƙata, bayan kaka, cikin Nuwamba lokacin da ɗaki ya lafa, zan iya zuwa in yi musu mako biyu, ƙanwata ta zo ta zauna da Inna. Game da wadda za ta tafi, ke kika fi sanin ma'aikatanki, amma tunda kin tambaye ni ranar nan, Sista Hauwa ta ɗakin yara na gaggawa ta daɗe tana neman komawa kusa da iyalinta a Dutse, kuma hannunta a aiki ba ya buƙatar shaidata.

Ina aikin yamma duk wannan makon. In kina son mu ƙara tattaunawa, ko kina buƙatar takardar likitan Inna don a saka a fayil ɗina, zan shigo ofis gobe Talata da ƙarfe ɗaya kafin in karɓi aiki. In akwai inda harshena ya yi kaushi a takardar nan, ki yafe mini.

Allah Ya ƙara girma, Ya ba mu damina mai albarka, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam.

Taki mai biyayya,
Sista Rakiya,
Ɗakin Jinyar Yara Masu Tamowa.